Kafin Ki Biya Kuɗin Firiji Na Hannu: Abin Da Za Ki Saurara, Ki Taɓa, Ki Duba

Da yawa daga cikinmu idan muka kwashi adashi ko muka karɓi rance a ƙungiya, abin da muke fara tunani shi ne firiji ko firiza, saboda sana'ar zoɓo, kunun aya, fura da nono ko ƙanƙara. Sabo ya yi tsada, shi ya sa ake tafiya wajen masu na hannu, wanda ake kira ɗan Beljiyam. A cikinsu akwai masu kyau sosai, akwai kuma waɗanda fenti kawai aka sake musu. Matsalar ita ce idan firizar ta mutu bayan sati uku, zubin rance ba ya tsayawa. Ranar taro sai kin kawo kuɗinki, ko akwai ciniki ko babu.

Gwajin da za mu bayyana a nan yana cin kamar awa ɗaya a shago. Ba ya buƙatar ki zama mai gyara. Kunnenki, hannunki da idonki sun isa su gano yawancin matsalolin da ke cinye jari.

Abu ɗaya da ya kamata ki fahimta tukuna

A bayan kowane firiji, daga ƙasa, akwai wani baƙin ƙarfe mai kama da ƙaramar tukunya. Shi ne kwamfuresa, wato injin firijin. Aikinsa shi ne tura gas ya zagaya cikin siririn bututu. A cikin firiji gas ɗin yana kwashe zafin kayan da kika saka, sannan ya fito da zafin waje ta baƙar ragar ƙarfen da ke baya, ko ta jikin gefe a irin na zamani. Shi ya sa firiji mai lafiya ciki sanyi, baya ɗumi.

Wannan bututun a rufe yake ruf. Gas ɗin firiji ba kamar gas ɗin girki ba ne da ake ƙonawa ya ƙare. Zagayawa kawai yake yi, kuma zai iya shekaru da yawa bai ragu ba. Saboda haka idan mai shago ya ce miki, "Hajiya, lafiyarsa ƙalau, gas ne kawai ya ƙare," abin da hakan ke nufi shi ne akwai inda ya huje. Idan aka zuba sabon gas ba a toshe hujin ba, zai yi sanyi na ɗan lokaci ya sake tsayawa. Ki riƙe wannan, domin a kansa aka fi yin asara.

Abin da za ki tafi da shi

Ki ɗauki tocila ko waya mai fitila, takarda guda ko kuɗin takarda, da ɗan ruwa da murfin kwanon ƙarfe. Ki sa takalmin roba. Ki tafi da wata 'yar ƙungiya, domin ido biyu ya fi ɗaya, kuma ita ce shaidarki. Idan za ki je da mai gyara, ya zama naki ne da kika zo da shi daga unguwa, ba wanda ke zaune a bakin shagon ba. Sannan ki tambaya tun farko ko akwai wuta ko janareta da za a yi gwaji. Idan babu, ranar ba ranar biyan kuɗi ba ce.

Ki fara karanta takardar jikinsa

Kowane firiji yana da 'yar takarda ko farantin bayani a manne, ko dai a baya, ko a ciki kusa da akwatin kayan miya. Abu uku za ki nema.

Na farko ƙarfin wuta. Wutarmu ta Najeriya da Nijar tana dacewa da wanda aka rubuta 220-240V da 50Hz. Idan kika ga 110V, 115V ko 120V, na Amurka ne, kuma ba ya aiki da wutarmu sai da taransifoma mai rage wuta. Ranar da wani ya jona shi kai tsaye bisa mantuwa, injin ya ƙone. Ki bar shi.

Na biyu, irin yanayin da aka ƙera shi dominsa. Za ki ga harafi ɗaya ko biyu. SN da N an yi su ne don ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 32 ba. ST yana jure har 38. T yana jure har 43. Yanzu ki tuna watan Afirilu a Kano, Sakkwato ko Maiduguri, lokacin da zafi ke haura 40, kuma shi ne lokacin da zoɓo da ƙanƙara suka fi tafiya. Da yawa daga cikin tsofaffin firijin Turai N ne ko SN. Da sanyin hunturu za su yi aiki lafiya, amma da bazara injin zai yi ta gudu ba hutu, sanyin kuma bai kai ba. Idan don sana'a ne, ki nemi mai T, ko aƙalla ST. Idan kika ga SN-T, wannan ma ya yi, yana nufin ya haɗa duka.

Na uku irin gas. R600a da R134a su ne ake samu a kasuwa yanzu. Idan kika ga R12, firijin ya tsufa ƙwarai, domin an daɗe da daina ƙera masu irin wannan gas, kuma samun na gaske yana da wuya. R600a kuma yana kama wuta, don haka duk ranar da za a yi masa gyara sai mai gyaran da ya san shi.

A kunna a gabanki, daga ɗumi

Wasu masu shago suna barin firiji a kunne tun safe, ki zo ki tarar da sanyi ki ji daɗi. Wannan bai nuna miki komai ba, domin injin da ya gaji ma zai iya tara sanyi idan ya yini yana gudu babu kaya a ciki. Abin da kike son gani shi ne yadda yake tashi da kuma saurin da yake kawo sanyi. Ki ce a gwada miki wanda cikinsa ke da ɗumi. Idan a kunne kika same shi, a kashe, a bar ƙofar a buɗe, ki je ki zaga kasuwa ki dawo.

Kada kuma ki yarda a kashe a kunna nan take. Injin firiji yana buƙatar kamar minti biyar kafin a sake tayar da shi, in ba haka ba ko mai lafiya ma zai ƙi tashi.

Abin da kunne zai ji

Da an jona, ki tsuguna kusa da injin. Mai lafiya yana yin ɗan "ƙas" sau ɗaya, ya ɗan girgiza, sannan ya ci gaba da gurnani a hankali, murya ɗaya ba hawa ba sauka. Bayan ɗan lokaci za ki iya jin wani sauti a ciki kamar ruwa na gudu a bututu. Kada wannan ya tsorata ki, gas ne ke zagayawa.

Sautin da za ki guda iri biyu ne. Na farko: ya yi "huuum" na 'yan daƙiƙu, sai "ƙas", ya yi shiru, bayan minti biyu ko uku ya sake maimaitawa. Wannan injin yana ƙoƙarin tashi ne ya kasa, sai abin kariyarsa ya yanke wuta. Dalilin zai iya zama ƙaramin abu mai arha da ke manne a gefen injin, wanda masu gyara ke kira rile. Zai iya zama wutar shagon ce ta yi ƙasa. Zai kuma iya zama injin ne ya kafe, kuma canza inji shi ne gyara mafi tsada a firiji. Ke ba za ki iya bambancewa da kunne ba. Idan mai shago ya ce rile ne, ki ce, "To Malam, a canza yanzu mu gani." Idan da gaske ne, aikin 'yan mintuna ne.

Na biyu shi ne ƙarar ƙarfe na bugun ƙarfe daga cikin injin, ko ya yi wani mugun "gwaram" lokacin tsayawa. Ki ɗora tafin hannu a kan ragar baya ko tiren ruwan da ke saman injin. Idan ƙarar ta tsaya, wani abu ne kawai ya saki, ba matsala ba ce babba. Idan ba ta tsaya ba, daga ciki take, kuma ba a buɗe irin wannan injin a gyara yadda zai daɗe.

Idan firijin irin wanda ba ya tara ƙanƙara ne, yana da ƙaramar fanka a ɓangaren sama. Yawanci tana tsayawa idan aka buɗe ƙofa. Ki danna ɗan maɓallin da ƙofa ke dannawa, ki ji ko ta tashi kuma iska na fitowa. Irin wannan yana da ƙarin kayan da ke lalacewa, kuma ga mai sana'ar daskarar da kaya, firizar kwance mai murfi a sama ta fi riƙe sanyi idan aka ɗauke wuta, domin iska mai sanyi tana kwanciya a ƙasa, ba ta zubowa idan kin buɗe.

Abin da hannu zai ji

Kafin komai, maganar shokin. Ki duba wayar wutar daga filogi har jikin firijin. Idan an naɗe ta da leda ko tana da tsagewa, a gyara kafin ki taɓa komai. Taɓawar farko ki yi ta da bayan hannu, hannun a bushe, takalmi a ƙafa. Idan kika ji ko ɗan tsam, ki janye. Kada ki karɓi maganar "haka suke yi". Wannan abu gidan da yara ke yawo ba takalmi za ki kai shi.

Bayan minti biyar zuwa goma da kunnawa, ki taɓa saman ragar baya. Ya kamata ta yi ɗumi sosai daga inda bututun ya fito daga inji, ɗumin yana raguwa a hankali har ƙarshenta. Idan babu raga, ki shafa gefen firijin ko gaban firizar, nan za ki ji ɗumin. Idan inji na gudu amma raga tana nan da sanyinta bayan minti goma sha biyar, ko dai babu gas, ko injin ya daina turawa.

Shi kansa injin yana yin zafi idan ya jima yana aiki, wannan ba laifi ba ne. Amma idan cikin ɗan lokaci ya yi zafin da ba za ki iya ɗora yatsa ba, ga kuma ƙaurin waya, ki bar shi.

Bayan minti ashirin zuwa talatin sai ki buɗe ki shafa bangon ciki. Ki jiƙa yatsa kaɗan ki taɓa: a firiza mai lafiya za ki ji yana ɗan mannewa. Ki bi bangon gaba ɗaya, hagu, dama, gaba da baya. Farin ɓurɓushin ƙanƙara ya kamata ya bazu kusan daidai a zagaye. Idan ya taru da kauri a kusurwa ɗaya kawai, sauran bangon kuma babu komai, alamar gas ya yi ƙasa ne ko bututu ya toshe. Wannan gwajin ya fi kowanne muhimmanci.

Sai robar ƙofa. Ki matsa ta da yatsa, ta zama mai laushi, ba busasshiya mai tsagewa ba. Ki sa takarda a bakin ƙofa ki rufe, sannan ki ja. Idan kika ji ta riƙe, wurin ya kama. Idan ta zare salin alin, nan iska ke shiga. Ki gwada sama, ƙasa, gefe da kowace kusurwa. Roba ana canza ta, kuɗinta bai kai na inji ba, don haka dalilin neman ragi ne. Amma idan ƙofar ce kanta ta karkace, sabuwar roba ba za ta magance ba.

Abin da ido zai gani

Ki haska tocila a bayan firijin. A jikin injin akwai wani gajeren bututu da bai tafi ko'ina ba, ta nan ake zuba gas. Daga kamfani ana matse bakinsa a liƙe. Idan kika ga an sa masa wani baki mai murfi kamar na tayar mota, ko kika ga sabon walda mai baƙin ƙuna, an taɓa zuba masa gas. Wannan kaɗai bai kashe ciniki ba, amma ki tambaya: a ina ya huje, kuma a nuna miki inda aka toshe. Idan babu amsa, ki ɗauka hujin na nan.

Ki nemi maiƙo a jikin bututu, musamman wajen haɗi. Gas yana tafiya da ɗan man inji, don haka inda ya tsiyaye yakan bar danshin mai da ƙura ta manne a kai.

A ciki, ki duba ɓangaren ƙanƙara da kyau. Mutane suna fasa ƙanƙara da wuƙa, su huda bututun. Za ki ga tabon wuƙa ko wani dunƙulen gam mai launin toka da aka liƙe. Irin wannan facin ba ya cika daɗewa.

Ki duba ƙasan jikin daga waje da ciki. Tsatsa kaɗan a fenti ba komai. Amma idan ƙasan ya ci har ya ɓule, ko bangon ciki ya kumbura, ruwa ya shiga soson da ke tsakanin bango, wanda shi ke riƙe sanyi. Alamarsa ita ce jikin waje yana gumi a wuri ɗaya. Wannan ba shi da gyaran kirki. Sabon fenti a ƙasa kawai, ki tambayi abin da ya rufe. Ki kuma shinshina ciki: warin ruɓaɓɓen nama da ya shiga soso ba ya fita, kuma zai kama kunun ayarki.

Daga ƙarshe, bayan kamar awa ɗaya, ki murɗa maɓallin sanyi zuwa mafi ƙanƙanta. Ya kamata ki ji "ƙas" injin ya tsaya. Wasu firizoji suna da maɓallin daskarewar gaggawa mai fitila ruwan ɗorawa, a tabbatar a kashe yake, domin shi yana hana inji hutawa. Idan duk da haka bai tsaya ba ko an kai maɓallin ƙarshe, mai yiwuwa an haɗe wayar an tsallake abin da ke yanke sanyin. Inji marar hutu yana shan wuta, kuma ba ya daɗewa.

Misali: firiza biyu a shago ɗaya

A ce wata 'yar ƙungiya mai zoɓo ta karɓi rancen naira 160,000. A shago ta ga firizar kwance guda biyu masu girma ɗaya. Ta farko fes take, da sabon fenti, an ce 125,000. Ta biyu tana da ƙuje-ƙuje, kwandonta ya ɓata, an ce 145,000. Kuɗin nan na misali ne, ki sa farashin garinku.

Ƙarfe 11:00 aka kunna duka biyun daga ɗumi, ta zuba cokali biyu na ruwa a murfin kwano ta ajiye a ƙasan kowacce, a jingine da bango. Duka sun tashi lafiya, babu ƙara. A takarda, ta farko N ce, ta biyu T.

Ƙarfe 11:10, ragar ta biyu ta yi ɗumi har ƙasa. Ta farko kuwa layi biyu na sama kawai suka yi ɗumi. Ƙarfe 11:30 ta buɗe: ta biyu ta yi fari a zagaye, ta farko ƙanƙara ta taru a kusurwar dama, kamar faɗin tafin hannu biyu. Da ta haska baya, sai ga baki mai murfi a gajeren bututun, da maiƙo a ƙarƙashinsa. Ƙarfe 12:00 ruwan murfin ta biyu ya fara kamawa, na farko yana nan ruwa.

Mai shago ya ce, "Hajiya, gas kawai za a ƙara mata, ni zan biya." Ta ce, "Na gode Alhaji, amma wanda aka zuba a baya ina ya tafi?" Alamu uku sun haɗu a wuri ɗaya: raga ba ta ɗumi duka, ƙanƙara a kusurwa ɗaya, ga maiƙo. Idan hujin a cikin bango yake, sai an yi babban aiki, kuma ragin 20,000 ba zai biya gyara da zoɓon da zai lalace da kwanakin rashin ciniki ba.

Ita ma ta biyun tana da aibi: takarda ta zare a kusurwar hagu. Da wannan da rashin kwando ta nemi ragi, aka tsaya a 138,000. Ya rage mata 22,000, ta ware don sabuwar roba, kuɗin ɗauka, da somin kuɗin sitabilaiza. Darasin shi ne ki raba aibi gida biyu. Roba, kwando, fitila, hannun ƙofa da ƙujewar fenti na neman ragi ne. Inji, yoyon gas, jiƙaƙƙen soso da shokin na tafiya ne.

Kafin kuɗi ya bar hannunki

Awa ɗaya ba ta nuna komai da komai. Ƙaramin yoyo yana iya ɗaukar kwanaki ko makonni kafin ya bayyana. Don haka ki nemi garanti a rubuce a kan rasit: kwana nawa, kuma idan ya ƙi sanyi canzawa za a yi ko mayar da kuɗi. Ki nemi mafi tsawon da za ki iya samu, kada ya gaza sati biyu. A rubuta lambar jikin firijin a rasit, ki ɗauki hoton takardar da na injin da wayarki, don kada a kawo miki wani daban. Abokiyar tafiyarki ta sa hannu, kuma ki nuna wa sakatariyar ƙungiya rasit ɗin idan da rance kika saya.

Wajen ɗauka, a tsaye ake so ya tafi yadda yake zama a ɗaki. Idan aka kwantar da shi, man injin yana gangarawa cikin bututu. Da kin isa gida ki bar shi ya zauna aƙalla awa huɗu kafin ki jona, idan kuma an kwantar da shi a hanya, ki bari sai washegari. Ki ajiye shi nesa da murhu da rana, ki bar tazarar kamar tafin hannu tsakaninsa da bango.

Ranar farko ki bar shi ya yi sanyi ba kaya na 'yan awanni, sannan ki loda kayan sana'arki daidai yadda za ki riƙa yi kullum. Ki rubuta lokacin da kika saka da lokacin da suka yi sanyi ko suka daskare, tare da awannin da aka samu wuta. Ki maimaita bayan kwana bakwai da kaya iri ɗaya. Idan lokacin ya ƙaru sosai alhali wuta ba ta canza ba, ko ƙanƙarar bango ta fara janyewa zuwa gefe ɗaya, ki koma shagon da rasit ɗinki tun kwanakin garanti ba su cika ba.